LTE only, Auto ko 3G: wanne ke ceton batir, wanne ke tsayar da sabis mai rawa

Mutane da yawa sun ɗauka cewa kowane nau'in sabis yana da nasa cin batir a kayyade, wai 5G ya fi kowa ci, 4G na biye, 2G kuma shi ne mai tattali. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba nan gizo ke saƙar ba. Abubuwa biyu ne suka fi shan batir a ɓangaren sabis: raunin sigina a wurin da wayar take, da yawan tsalle daga wannan nau'i zuwa wancan. Saboda haka saitin da ya gyara wa maƙwabcinka waya yana iya zama wanda zai hana a same ka a kira, alhali layinku na kamfani ɗaya ne.

Waya ba sauraro kawai take yi ba, ita ma tana magana da ƙarfen sabis. Idan ƙarfen yana kusa, a hankali take maganar. Idan yana nesa, ko bango ya shiga tsakani, sai ta ɗaga murya, kamar mai kiran wani daga wancan gefen kogi. A kan LTE, wato 4G, iyakar ƙarfin da waya ke aikawa da shi yawanci miliwat 200 ne, kuma a kusa da ƙarfen sabis ɗan kaɗan daga ciki take amfani da shi. A kan 2G na megahaz 900 tana iya kaiwa wat 2, sai dai a gutsure take aikawa, kashi ɗaya cikin takwas na lokaci yayin kira. Shi ya sa waya ke ɗumi a aljihu idan ka shiga wurin da sabis ke sanda ɗaya, ko da ba ka taɓa ta ba. Ga kuma wani asarar: idan sigina ya yi rauni, bayanan da aka aiko sukan lalace a hanya, sai an sake aikowa, rediyon wayar kuma yana kunne duk tsawon lokacin.

To, me zaɓi na atomatik yake yi? Shi ne wanda ake gani a wayoyin Samsung da sunan `LTE/3G/2G (auto connect)` a ƙarƙashin `Network mode`, a sauran wayoyin Android kuma a ƙarƙashin `Preferred network type`. A wannan yanayin waya da kamfanin layi ne ke yanke shawara tare. Kamfanin yana aiko wa wayar ƙa'idoji: idan siginar LTE ta faɗi ƙasa da kaza, sauka 3G, idan ta dawo sama da kaza, koma. Ga wanda ke yawo, yau gari gobe hanya, babu abin da ya kai wannan, domin babu mai iya sauya saiti da hannu duk lokacin da mota ta sha kwana. Idan kana zaune inda LTE ke da ƙarfi ma, atomatik da `LTE only`, wato kulle waya a kan LTE kaɗai, kusan abu ɗaya ne a wajen batir, tunda wayar tana kan LTE ɗin ba ta da dalilin neman wani. Wanda ya kulle wayarsa a irin wannan wurin bai ƙaru da komai ba, kira kawai ya jefa cikin haɗari.

Matsalar atomatik tana fitowa ne a bakin iyaka, inda siginar LTE ke yawo daidai kan layin da kamfanin ya shata. Za ka ga alamar saman waya tana sauyawa, yanzu `4G`, an jima `H+` na 3G, can kuma `E` na 2G, kana zaune wuri ɗaya ba ka motsa ba. Kowane sauyi yana cin wasu daƙiƙu da data ke tsayawa cik, kuma wayar tana aikin aunawa da musayar saƙonni da ƙarfen sabis kafin ta zauna. Kiran bidiyo ya daskare, fayil ya tsaya a rabi. Abin da ya fi ba da haushi shi ne idan waya ta sauka 3G tana tsakiyar jan data, a layuka da dama ba ta komawa LTE sai datar ta lafa. Ga wanda ya kunna hotsifot kwamfuta na ja ba ƙaƙƙautawa, lafawar ba ta zuwa, sai ya wuni a kan `H+` alhali LTE na nan. Dabarar kunna `Airplane mode` a kashe tana aiki ne saboda tana tilasta wa wayar ta sake zaɓe daga farko.

Wannan ciwon shi kaɗai `LTE only` ke magani. Yana hana wayar sauka, don haka babu tsalle, babu aune-aunen 3G da 2G. Ba ya ƙara wa sigina ƙarfi ko kaɗan. Idan LTE ɗin na da rauni amma yana isar da saƙo, za ka ga bambanci nan take, domin LTE mai sanda ɗaya sau da yawa ya fi 3G mai sanda uku sauri. Idan kuwa LTE ɗin yana ɓacewa gaba ɗaya lokaci-lokaci, an gudu ba a tsira ba: maimakon ta sauka 3G, wayar za ta nuna babu sabis, ta shiga lalube, kuma laluben sabis na cikin abubuwan da suka fi kwashe caji.

Kafin ka danna shi, ka san abin da za ka biya. An gina LTE ne don data zalla, ba shi da tsohuwar hanyar kira irin ta 2G da 3G. Hanya biyu ce kira ke shiga waya mai LTE. Ta farko ita ce VoLTE, inda murya ke bi ta cikin LTE ɗin kanta. Ta biyu, wayar ta sauka 3G ko 2G na tsawon kiran sannan ta koma, kuma shi ya sa wasu ke ganin `4G` ta rikiɗe zuwa `H` da zarar sun danna kira. Idan wayarka tana cikin rukuni na biyu ka kulle ta a `LTE only`, ka toshe mata hanyar saukar. Data za ta yi ta gudu lafiya lau, WhatsApp na aiki, amma mai kiranka ta layi zai ji kamar wayar a kashe take, kai kuma ba abin da zai nuna maka. Lambobin nan masu farawa da tauraro, na duba kuɗin layi ko na banki, su ma yawanci tsohuwar hanyar suke bi, don haka sukan ƙi tafiya, a wasu layukan ma ko da akwai VoLTE. Saƙon tes yana iya shigowa, yana iya maƙalewa, ya danganta da waya da kamfani, kuma ta nan lambar tabbatarwa ta banki ke zuwa. Kiran gaggawa ma bai kamata a dogara da shi ba a wannan yanayin.

VoLTE kuma ba abin da waya kaɗai ke yanke wa hukunci ba ne. Sai wayar tana da shi, kamfanin yana da shi, an buɗe wa layinka, sannan kamfanin ya amince da samfurin wayar. Ganin maɓallin `VoLTE` a saiti bai isa hujja ba. Gwajin da ba ya ƙarya mai sauƙi ne: kashe Wi-Fi, bar waya a atomatik, kira wani, ka duba alamar sama yayin da kiran ke tafiya. Idan ta tsaya a `4G` ko `LTE`, kana da VoLTE. Idan ta sauka, ba ka da shi a wannan layin.

Wani abin lura: a wasu wayoyin abin da ke rubuce shi ne `Prefer LTE` ko `4G (recommended)`. Wannan fifiko ne kawai, wayar za ta sauka idan ta ga dama. Kulle na gaskiya a wayoyin Android da dama yana ɓoye ne a shafin gwaji da ake shiga ta wurin danna lamba:

```
*#*#4636#*#*
```

Daga nan sai `Phone information`, sannan `Set preferred network type`. Lambar ba ta aiki a yawancin wayoyin Samsung, wasu kamfanonin ma sun toshe ta. Idan ka samu shiga, ka rubuta abin da ka tarar kafin ka sauya, domin jerin yana da tsawo kuma sunayen sun yi kama da juna. A can 2G sunansa `GSM`, 3G `WCDMA`, 5G kuma `NR`. A iPhone babu irin wannan kullen. Zaɓin `LTE` ko `4G` da ke ƙarƙashin `Voice & Data` yana kashe 5G ne kawai, bai hana sauka ƙasa ba.

Sandunan sabis ba abin dogaro ba ne wajen yanke shawara, kowane mai ƙera waya da yadda yake zana su. Lamba ake dubawa. A Android tana `About phone`, sai `SIM status`, sai `Signal strength`; a iPhone ana danna `*3001#12345#*`. Idan waya tana kan LTE, lambar da ake nema ita ce RSRP, ana rubuta ta da alamar ragi, kuma iya kusancinta da sifili iya kyanta. Wajen -80 sigina ce mai kyau. Daga -90 zuwa -100 ana aiki ba matsala. Wajen -110 an fara rauni, -120 kuma bakin rami ne. Tazarar 10 a wannan ma'aunin na nufin ninki goma na ƙarfi, don haka bambancin -102 da -112 ba ƙarami ba ne. Kada ka kwatanta lambar LTE da wadda za ka gani a kan 2G kai tsaye, ba ma'auni ɗaya ba ne.

A ce ga mai aiki daga gida, wayarsa ce hotsifot ɗin kwamfutarsa, tana kan tebur a tsakiyar ɗaki. Alama na yawo tsakanin `4G` da `H+`, taron bidiyo na yankewa, wayar ta yi zafi. Ya duba RSRP a kan teburin ya ga tana kai-komo tsakanin -112 da -118. Abu na farko da zai yi ba saiti ba ne, ɗaukar wayar zai yi ya zagaya da ita, yana tsayawa kamar rabin minti a kowane wuri don lambar ta zauna. A ce a bakin taga ya samu -104. Wannan ya fi abin da kowane saiti zai ba shi, kuma tunda kwamfutar ta Wi-Fi take haɗe da wayar, babu abin da ya hana wayar zama a tagar, in dai ba cikin rana ba, don zafi na rage mata sauri yana kuma tsufar da batir. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, tsallen ya daina da kansa domin siginar ta bar kan iyaka.

Idan bai daina ba, sai ya kulle a `LTE only` ya sa ido na awa ɗaya ko biyu, a lokacin da ya saba aiki. Abu uku ne zai iya gani. Sabis ya tsaya, bidiyo ya daina yankewa: ya dace, saura ya sa wani ya kira shi ta layi, ya kuma gwada lambar tauraro ɗaya. Ko kuma sabis ya riƙa ɗaukewa gaba ɗaya: LTE bai isa wurin ba, kullen ba nasa ba ne. Na uku shi ne mai rikitarwa: lambar tana da kyau, ko da -95 ce, sabis bai ɗauke ba, amma shafi ba ya buɗewa, musamman da yamma, da asuba kuma komai na gudu. Wannan cunkoso ne. Mutane sun yi wa ƙarfen sabis ɗin yawa, ana raba abin da ke akwai. Idan wayarsa tana nuna RSRQ, ma'aunin ingancin sigina, zai ga ta yi ƙasa, wajen -15 ko ƙasa da haka, alhali RSRP na lafiya. Babu kullen LTE da zai gyara wannan.

A nan ne 3G ke da rana. Inda kowa ya hau LTE, wani lokaci 3G ɗin ƙarfen yana zaune babu jama'a, sai ka ga megabit 2 na `H+` mai ɗorewa ya fi LTE mai alƙawarin da ba ya cikawa. Akwai kuma batun zangon rediyon da sabis ke kai: wanda ke ƙasa, kamar megahaz 700, 800 da 900, ya fi tafiya nesa da ratsa gini fiye da 1800, 2100 ko 2600. Idan kamfaninka ya ɗora LTE a zango na sama a yankinku, tsohon sabis kuma yana kan 900, a cikin ɗaki tsohon ne zai fi ƙarfi. Idan LTE ɗin ne ke kan 700 ko 800, lissafin ya juye. Shi ya sa ba a iya ba kowa amsa ɗaya. Ga mutuminmu, gwajin shi ne ya zaɓi `3G only` a daidai lokacin da cunkoson ke damunsa, ya buɗe shafukan da ya buɗe ɗazu. Kiran layi zai yi aiki a 3G, lambobin tauraro ma haka. Abin da zai rasa shi ne saurin amsawa, wanda aka fi ji a kiran bidiyo, da saurin ɗora fayil.

Sai dai 3G na kan hanyar fita. Jamus ta rufe shi a 2021, manyan kamfanonin Amurka a 2022, Ostareliya a 2024. Ko inda ba a rufe ba, kamfanoni na kwashe zangonsa suna ba LTE, don haka 3G da ya cece ka bara yana iya zama ba shi da numfashi bana. Wanda ya bar wayarsa a `3G only` ya yi tafiya zuwa inda aka rufe shi, babu sabis zai gani.

Game da 2G da batir, amsar ta rabu biyu, kuma ni a ganina nan ne aka fi yin kuskure. Idan data a kashe take, kira da tes kawai kake jira, kuma 2G na da ƙarfi inda LTE ke da rauni, kullewa a `2G only` yana tsawaita caji sosai. Wannan dabara ce mai kyau ga wanda wuta ta ɗauke masa, batir ya kai kashi goma, kuma yana jiran kira mai muhimmanci. Amma da zarar ka kunna data, ribar ta tafi. Ɗauki fayil mai megabait 10. A kan `E`, idan ana samun kilobit 150 a daƙiƙa, zai ci kusan minti 9. A kan 3G mai megabit 2, daƙiƙa 40. A kan LTE mai megabit 10, daƙiƙa 8. Ko da LTE ya fi jan wuta a kowace daƙiƙa, ya gama ya koma barci tun tuni, shi kuwa 2G rediyo na kunne, allo ma na kunne kana jira, kuma allon kansa babban mai cin batir ne. Manhajojin da ke aiki a ɓoye su ma za su yi ta gwadawa suna faɗuwa suna sakewa. Ga kuma rashin tsaro: a 2G waya ba ta tantance ƙarfen da take magana da shi, shi ya sa ƙarfen bogi ke jan wayoyi zuwa can, kuma shi ya sa daga Android 12 aka sa maɓallin `Allow 2G` a wayoyin da ke goyon bayansa don mai so ya kashe.

Inda saiti ke ceton batir ba tare da an rasa komai mai yawa ba shi ne 5G. Yawancin 5G da aka fara shimfiɗawa a duniya yana jingine ne da LTE: wayar tana riƙe da LTE don sarrafawa, ta ƙara 5G a kai don sauri, hanyoyi biyu ke nan a kunne. Idan 5G ɗin yankinku tsilla-tsilla ne, yana zuwa yana tafiya, zaɓi atomatik ɗin da babu 5G a ciki, wato `LTE/3G/2G (auto connect)`, ko `LTE` a iPhone. Kira ba zai taɓu ba, tunda hanyar sauka tana buɗe. Ga mafi yawan masu kukan batir a sabuwar waya, wannan nake fara ba su shawara kafin maganar kowane kulle. A iPhone akwai `5G Auto` da ke hawa 5G kawai idan aikin ya buƙata, kuma ya fi `5G On` tattali. Kada kuma a zaɓi `NR only` a shafin gwaji, a irin wannan 5G mai jingina sabis ne zai ɗauke baki ɗaya.

Idan kana son sanin ko sauyin ya taimaki batir da gaske, kada ka auna da rana kana amfani da waya, allo zai rufe bambancin. Auna da dare: caji ɗaya, wuri ɗaya, Wi-Fi a kashe, data a kunne, ka rubuta kason batir lokacin kwanciya da na tashi. Dare biyu a wannan saiti, dare biyu a wancan. Idan bambancin kashi ɗaya ne ko biyu, ba sabis ne ke cin batirinka ba, ka duba manhajoji ko tsufan batirin. Idan kuma gida akwai Wi-Fi, data ta bi ta can. Rediyon layi zai zauna yana jiran kira kawai, kuma yawancin wannan muhawarar ba ta shafe ka ba.

Mai layi biyu yana da hanyar da mai layi ɗaya ba shi da ita: ya kulle layin data a `LTE only`, ya bar na kira a atomatik, sai ya samu data mai tsayuwa ba tare da ya ɓace wa masu nemansa ba, muddin sun san lambar da za su kira kuma lambobin banki ba kan layin datar suke zuwa ba. A yawancin wayoyi masu layi biyu, data tana tsayawa yayin da ake kira a ɗaya layin, don haka kiran da ya shigo a tsakiyar taron bidiyo zai katse shi duk da kullen. Layi na biyu da ke zaune inda kamfaninsa ba shi da sabis kuma yana ta lalube yana shan caji, gara a kashe shi daga saiti har a bar wurin. Bayan an sake kunna waya, ko an sauya layi, ko an sabunta manhajar waya, a koma a duba: saitin da aka yi ta shafin gwaji yakan koma yadda yake a wasu wayoyin, a wasu kuma yana nan daram ko da ka manta da shi ka kama hanya.